Sati Biyu da Kwana Biyu

Ikilima mai daddawa mutuniyar Gangara ce. Tun tana budurwa ta gaji sana'ar daga hannun kakarta, kuma ko a kasuwar Isa an san daddawarta, don ba ta haɗa ta da waken suya. Mijinta Zayyanu ɗan kabu-kabu ne, yana ɗaukar kaya a babur zuwa ƙauyukan bakin iyaka. Shekara bakwai suna tare, haihuwa ɗaya suka yi, ɗiyar kuwa ƙyanda ta ɗauke ta tun ba ta fara tafiya ba. Daga nan shiru. Sun sha saiwoyi, sun sha rubutu.

Ran huɗu ga Maris 'yan bindiga suka tare motar da ta ɗauko 'yan kasuwa, suka kora mata shida cikin daji, har da Ikilima. Sai da Zayyanu ya sayar da babur da gonar gado kafin aka sako ta, kusan tsakiyar Afrilu. Ta dawo ƙafafu a kumbure. Bai tambaye ta komai ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ya ɗora mata ruwan zafi da kansa.

Da amai ya fara damunta, suka tafi wani ƙaramin asibiti a Sabon Birni, ran tara ga Mayu. Aka shafa mata mai sanyi a mara, aka yi hoton ciki. Ungozomar da ke duba masu ciki, Sista Nusaiba, ta karanta musu sakamakon.

"Ciki ne, sati goma sha ɗaya da kwana biyar. Yana lafiya."

Zayyanu ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya ce, "Sista, don Allah ina da tambaya. Ran huɗu ga Maris, cikin wanga nawa yake?"

Nusaiba ta dube shi, ta dubi Ikilima. Ba shi ne na farko da ya yi mata irin tambayar nan a bana ba. Ta jawo kalanda.

"Daga huɗu ga Maris zuwa yau kwana sittin da shida ne. Sati sha ɗaya da kwana biyar kuma kwana tamanin da biyu ke nan. In an cire, saura goma sha shida. A lissafinmu, ranar nan cikin yana sati biyu da kwana biyu. Amma Malam, tsaya in..."

Bai tsaya ba. Ya riga ya miƙe yana hamdala. "Da shi ta tafi ashe! Da shi ta tafi!" Ya fita neman motar komawa, don kada mata su ga hawayensa.

Ikilima ba ta motsa daga benci ba.

"Ƙarasa, Sista. Na ga bakinki bai rufe ba."

Nusaiba ta tura ƙofa. Ta ce mata lissafin asibiti ba daga ranar shigar ciki yake farawa ba. Daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe ake ƙirgawa, kuma na'urar ma haka take bayar da adadinta. Ciki kuwa sai kamar sati biyu bayan nan yake shiga.

"Ke nan sati biyun farko babu kowa a ciki," in ji Ikilima.

"Babu. In an bi lissafin, ya shiga wajen biyu ga Maris."

"Ina gida ranar."

"Kina gida. Sai dai na'urar tsawon ɗan tayi take aunawa ta kimanta. A wannan lokacin tana iya kuskuren kwana biyar zuwa bakwai, gaba ko baya."

Ikilima ta ƙirga a yatsunta, ta wuce huɗu ga wata, ta kai tara. Ta san abin da ya faru a kwana na uku a dajin. Ta sauke hannun.

"Ya fi kusa da na maigidanki," Nusaiba ta ce a hankali. "Amma ba zan rantse miki ba. In kira shi in yi masa bayani?"

"Bar shi. Wata biyu rabonai da dariya."

Haka Ikilima ta ɗauki cikin da wannan magana tare, duk tsawon damina. Ta koma dafa kalwa, ko da yake warin da ta girma a cikinsa yanzu tayar mata da zuciya yake. Zayyanu kuwa ya zama wani mutum. Yana ƙwadago a gonakin mutane, yana dawo mata da fara da ƙosai a leda. In ya ji ana ƙus-ƙus a majalisa sai ya ce, "Asibiti sun auna. Sati biyu da kwana biyu. Duk mai magana shi je shi tambayi na'ura."

A asibiti an ba ta ashirin da uku ga Nuwamba a matsayin ranar haihuwa, ba ta haihu ba sai ɗaya ga Disamba, ana tsakiyar yankan dawa. Namiji. Wuce lokaci da kwana takwas ba baƙon abu ba ne, amma matan gari ba su san da wannan ba. Suka ƙirga wata tara baya a yatsu, suka faɗa cikin Maris, suka dubi juna.

Kwana biyu kafin suna Zayyanu ya tafi Isa sayen rago. A kantin magani inda ya tsaya sayen maganin ciwon mara, ya sake ba da labarin sati biyu da kwana biyu, kamar yadda ya saba. Mai kantin bai san komai game da matarsa ba. Cikin hira kawai ya gaya masa yadda asibiti ke ƙirga ciki.

Ya dawo da ragon da la'asar, ya ɗaure shi, ya shigo ɗaki ya zauna a bakin gado.

"Kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

Ya dubi jaririn da ke barci. Ya daɗe yana dubansa, goshi, kunne, yatsu, irin duban da ita take yi masa tun da aka yanke cibiya.

"Mi kika gani?" ya ce.

"Wata rana kai. Wata rana ba kowa."

Ya je wurin liman. Liman ya ce masa a shari'a babu wata magana, ɗa na mai aure ne, matar kuma ba ta da laifin komai. Zayyanu ya ce ya yarda, kuma da gaske yake. Aka yanka rago, aka raɗa wa yaro Fatihu. Shi ya ɗauke shi ya nuna wa 'yan'uwa. Bai taɓa faɗa wa Ikilima baƙar magana ba, kuma da uwarsa ta fara zancen saki, ya ce kada ta ƙara.

Amma bayan ta yi arba'in ya ce za shi haƙar zinari arewacin Nijar, ya tara kuɗin babur. Da farko yakan zo duk Salla. Yanzu ya tsallake biyu. Yana aiko da abin da ya samu, yana kuma kira a waya ya ce a sa masa yaron ya ji muryarsa.

Da hare-hare suka yi yawa, Ikilima ta bar Gangara ta kama ɗaki a Sabon Birni, bayan tasha. Kalwa ta yi tsada, don masu shiga daji tsinko ɗorawa sun ragu, dole ta fara haɗawa da waken suya. Tsofaffin masu sayen daddawarta sun lura, wasu sun daina zuwa. Fatihu yana shekara biyu da 'yan watanni, ba ya son a goya shi, sai dai ya riƙe bakin zanenta har kasuwa.