Shagon Badamagare a Dutse

Lokacin da nake koyarwa a Dutse, bayan an ƙirƙiro Jigawa, har Kano nake zuwa sayen littafi. Alhali kullum sai na wuce wani ɗaki kusa da kasuwa, an rubuta Librairie a saman ƙofarsa. Na ɗauka laburare ne, mai fenti ya kuskure rubutun.

Wata Asabar na shiga, na zauna da wani ƙamus, har na nemi a ara mini. Mai wurin, wani dattijo Badamagare, ya yi dariya.

"Malam, nan sayarwa muke. A Faransanci librairie shagon littattafai ne. Inda ake aro kuwa, bibliothèque muke cewa."

Na ce, "To Alhaji, ya aka yi kalmar ta yi kama da library ta Ingilishi haka?"

Ya ce uwarsu ɗaya, kalmar Latin mai nufin littafi. Faransawa suka bar wa mai sayarwa ita, Turawan Ingila suka riƙe ta wa ɗakin karatu.

Muna cikin magana wata mata ta shigo, ta saya wa 'yarta littafin lissafi ta fita, ko ɗaga kai ba ta yi ta dubi rubutun ba. Ni da na karanta shi ne nake ta sintirin Kano.