Sunan da Ikilima Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya saba sallar asuba a layinmu na New Bell ya san Ikilima, ko bai san sunanta ba ya san ƙosanta. Tun kafin gari ya waye take dasa kaskonta a bakin kwata, direbobin moto, wato masu babur ɗin haya, suna tsaye kanta suna mita wai ta cika nawa. Ba ta tanka musu. Ni da nake ɗinki a ɗakin da ke jikin nata, shekaru muna tare, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, har haushi take ba ni.

Mijinta, Isma'il, direban babbar mota ne, yana kai kaya Njamena, sai ya yi wata bai leƙo gida ba. Ɗansu ɗaya, Muhammad Bashir, sunan mahaifin Isma'il aka sa masa. Ɗan fari ne kuma sunan suruki, kunya biyu ke nan, don haka Ikilima ba ta taɓa kama sunan ba. Baffa take ce masa, unguwa duka ta bi ta. Mijin kuwa Malam ne a bakinta. Shi ma yaron bai taso da kiranta Mama ba, Yaya yake ce mata.

Baffa da ciwon zuciya aka haife shi. Yana shekara huɗu, amma in ya bi yara zuwa bakin titi sai ya tsuguna yana haki, leɓɓansa su yi duhu. Likita ya ce sai an yi masa aiki a Indiya, kuma kada a ja lokaci. 'Yan unguwa da wata ƙungiyar agaji suka haɗa hannu, asibitin can ya ba da rana.

Aka ce mata ba a shiga Indiya daga Kamaru sai da katin allurar shawara, ɗan littafin nan rawaya, kuma ba ya aiki sai allurar ta kwana goma. Katin rigakafin Baffa na jarirantaka ambaliya ta tafi da shi tuni. Saboda haka tun fasfo bai fito ba ta goya shi ta tafi cibiyar da ake yi wa matafiya allura, ita kaɗai, ranar ina fama da ɗinkin biki. Aka yi musu su biyu, ta dawo da katin ta tura ƙarƙashin katifa.

Ana saura kwana uku tafiya ta kawo mini takardun in haɗa mata wuri ɗaya, tunda ni na taɓa lakwal, wato makarantar boko, ita ba ta karanta boko. Nata katin allurar daidai yake, daga katin ɗan ƙasa aka kwafa. Na buɗe na yaron. An rubuta BAFFA MALAM. Wurin lambar takardar shaida ba komai. Fasfo kuma yana cewa MOHAMADOU BACHIROU ISMAILA.

"Ikilima, me kika faɗa wa mutanen nan?"

"Matar da ke rubutawa ta tambaye ni sunansa, na faɗa. Ta ce sunan babansa, na faɗa."

"Wayyo Allah! Ke a lopital ma, asibiti guda, sai kin yi kunya?"

Na yi mata faɗa sosai, don tsoro ne ya kama ni. Da wannan katin ana iya hana su hawa jirgi a nan, in kuma sun tsallake, a killace yaron a can har ranar aikin ta wuce. In aka sake allura sai an ƙirga wasu kwana goma. Ikilima ta zauna a kan buhun wakenta. Baffa yana gefe yana numfashin nan nasa mai ƙara.

Salman mai shagon hoto, wanda ba a rasa shi inda ake hayaniya, ya shigo da kwalbar farin ruwan goge rubutu.

"Goggo Raliya, c'est rien, ba wani abu ba ne. A shafe a rubuta na gaskiya, cinq minutes, minti biyar kacal."

Saura kaɗan in zabga masa mari. A jikin katin kansa an rubuta cewa gogewa ko gyara na iya kashe shi. Ya ce to ya san wani a unguwar Village mai buga sabo har da hatimi. Na ce ya kai shi can, mu ba mu sa ran yaro a hannun hatimin bogi.

Washegari muka hau moto zuwa cibiyar da fasfo da takardar haihuwa. Ruwa ya yi mana duka a hanya, Ikilima ta ƙanƙame yaron a cikin mayafi. Ma'aikaciyar da ke ƙofa ta duba katin ta girgiza kai, ta ce ba ita ke da iko ba, sai babbar likita, ita kuma tana taro. Muka zauna a benci har azahar ta wuce. Ikilima ba ta ci ba ta sha ba. Can ta ce da ni a hankali, "Goggo, in ya rasa ranar nan, bakina ne ya kashe shi."

Da aka tashi taro aka shigar da mu. Likitar doguwa ce, 'yar ƙabilar Basa, ba ta dariya. Ta sa aka ɗauko rajistar ranar da aka yi allurar. Ga sunan Ikilima, ƙarƙashinsa Baffa Malam, lambar kwalbar allura ɗaya, ranar haihuwa ta yi daidai da fasfo. Takardar haihuwa ta nuna Ikilima ce uwa. Ta ce laifin ma'aikatanta ne da ba su nemi takarda ba. Amma ta ajiye biro.

"Wa ya ce mini ba yara biyu ba ne? Madame, comment s'appelle votre fils?"

Sunan ɗanta ta tambaye ta. Na yi caraf zan amsa, ta ɗaga mini hannu.

"Uwar nake tambaya. Daga bakinta na farkon ya fito."

Na bayyana mata al'adarmu da Faransancina na lakwal. Ta saurara, ta ce ta gane, amma hannunta za ta sa, tana so ta ji. Ikilima ta dubi ƙasa, ta dube ni, zufa tana bin wuyanta. Ni kuwa na san halinta, tana iya yin shiru har a kore mu.

"Muhammad Bashir," ta ce, da ƙyar ake ji.

"Et le père? Uban fa?"

Ta rufe ido. "Isma'il."

Likitar ta ɗauko sabon kati, ta rubuta sunan harafi bayan harafi yadda yake a fasfo, ta sa lambar fasfon, ta mayar da ranar allurar ta asali da lambar kwalbar, ta sa hannu ta buga hatimi. Ta gyara rajistar, ta riƙe tsohon katin. Ikilima ta sa hannu a madadin yaron. Ni kuwa ban bar ɗakin ba sai da na bi lambar fasfon da yatsa, ina yi ina salati.

A waje ruwa ya ɗauke. Ikilima ta durƙusa za ta goya shi, sai yaron ya riƙe mayafinta.

"Yaya, waye Muhammad Bashir?"

Na zaci za ta kau da kai kamar kullum. Sai ta kama fuskarsa da hannu biyu, a gaban masu moto da kowa, abin da ban taɓa gani ta yi ba.

"Ɗana ne," ta ce. "Jibi zan kai shi a gyara masa zuciya."