Gwangwanin Rebeka

Rebeka ta shigo unguwarmu ta Gomari a daminar 2014, da ƙafafu a kumbure da naira dubu goma a ƙulle a bakin zani. Daga wani ƙauye take a wajen Askira. Ranar da 'yan bindiga suka faɗa musu, ita ta yi gabas, mijinta Dzarma ya yi yamma, ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. 'Yan cocinsu suka samo mata ɗaki a bayan gidanmu, dubu uku da ɗari biyar a wata. Sansanin gudun hijira kuwa ko sunansa ba ta son ji. Ta ce ita tun tana budurwa ba ta taɓa tsayawa a layi a zuba mata hatsi ba.

Ƙamshin gyaɗa ne ya haɗa ta da yayata Fanna. Ya Fanna tana da jari, amma ƙirjinta ba ya son hayaƙi, kuma in gaskiya za a faɗa, ƙuli-ƙulinta sai mai ƙarfin haƙori. Wata safiya Rebeka ta leƙo ta katanga, ta ce, "Ya Fanna, wutar nan ta yi yawa, za ki ƙona mai." Ya Fanna ta ce, "To ki zagayo mana, malamar wuta." Ta zagayo, tun daga ranar ba a sake ƙona komai ba.

Da suka shirya haɗa sana'a, ni aka kira, wai don ina koyar da lissafi a firamare. Ya Fanna ta zuba dubu talatin, Rebeka ta kwance dubu gomanta. Na ce a raba riba daidai da jari, kashi uku da ɗaya. Rebeka ta ce, "Malama, hannuna fa? Shi ba jari ba ne?" Ya Fanna ta ce a raba biyu kawai a huta. Nan ma Rebeka ta ƙi, ta ce ba za ta ci kuɗin da ba ta san dalilinsa ba. Na ce a raina, wannan mata za ta yi wuyar sha'ani.

A ƙarshe ita ta yanke mana. Duk ƙarshen wata a fara cire abin da aka kashe: gyaɗa, itace, kuɗin markaɗe, gishiri, robobin mai, don jari ya koma yadda yake. Abin da ya saura shi ne riba, a tsaga shi biyu. Rabi na jari ne, a raba uku da ɗaya. Rabi na aiki ne, a raba bisa kwanakin da kowa ta yi. Ta kawo gwangwanin madara biyu, duk wadda ta yini a bakin wuta ta jefa ƙwallon dabino ɗaya a nata. Har itacen da ake ɗiba a kicin ɗin Ya Fanna sai da ta sa aka yi masa kuɗi.

Watan farko riba ta kama dubu goma sha shida. A rabin jari Ya Fanna ta samu shida, Rebeka biyu. A rabin aiki Rebeka tana da ƙwallo ashirin da huɗu, Ya Fanna takwas, sai abin ya juye: Rebeka shida, Ya Fanna biyu. Kowa ta tashi da dubu takwas cif. Ya Fanna ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ba ga raba biyun da na ce ba?" Rebeka ta ce, "Eh, amma yanzu na san ta ina ya zo."

Shekara biyu suna haka. Rebeka ta soya, ta murje, ta kai inji, ta dawo ta tsaya kan tunkuza da ruwan zafi har mai ya fito. Ranar da bam ya tashi a kasuwa ba su fita da kaya ba, asarar ta shiga lissafi kamar komai. Lahadi Rebeka tana coci, Juma'a Ya Fanna tana hutu, ba wadda ta taɓa yi wa wata gori.

Sai aka fara kawo mutanen da sojoji suka kuɓutar daga daji. Wani ya ce ya ga mai kama da Dzarma. Rebeka ta shiga bin sansanoni, yau nan gobe can, tana duba fuskokin tsofaffi. A watan nan kwana shida kawai ta yi aiki. Ya Fanna ta yi goma sha takwas, tana soya tana tari, kuma duk da haka riba ta faɗo dubu goma sha biyu.

Na yi lissafin a kaina tun kafin a zauna. Rebeka za ta samu dubu ɗaya da ɗari biyar na jari, dubu ɗaya da ɗari biyar na aiki. Dubu uku, ko haya ba ta kai ba, ga mai ɗaki ya riga ya yi mata kashedi. Amma da na juye gwangwaninta a tabarma, ƙwallo goma sha takwas suka zubo. Na Ya Fanna shida. Na kalli yayata, ta kawar da kai tana gyara gyale.

Rebeka ta daɗe tana kallon tabarmar. Sannan ta ware goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, ta tura gaban Ya Fanna.

"Rebeka, don Allah ki bari," in ji Ya Fanna. "Ni da ke mun zama ɗaya."

"Ya Fanna, komai nawa ya ƙone. Abin da ya rage min shi ne in na karɓi kuɗi a gidan nan, nawa ne. Kar ki karɓe min wannan."

Na ji haushinta ranar, har yau ma ina ji. Wace irin zuciya ce za ta bar ɗaki saboda ƙwallon dabino? Na ce to ta karɓa a matsayin rance. Ta ce ba ta san ranar da za ta daina neman mijinta ba, balle ranar biya. Ta ɗauki dubu ukunta.

Bayan mako guda aka ce mata akwai mutanen ƙauyensu a tsallaken iyaka, cikin Kamaru. Ta mayar wa mai ɗaki makullinsa, ta zo ta ce a ba ta dubu tara daga jarinta ta yi kuɗin mota. Ya Fanna ta ƙirga mata goma, Rebeka ta mayar da ɗaya.

"Ki bar min wannan a ciki," ta ce. "Kada in dawo a ce ni baƙuwa ce."

Ya Fanna ta cika gurbin da kuɗinta, jari ya koma dubu arba'in, talatin da tara nata, ɗaya na Rebeka. Duk ƙarshen wata har yanzu ni ake kira. Mu cire kuɗin gyaɗa da itace, mu tsaga riba biyu, mu raba rabin jari gida arba'in, mu ware ɗaya. Wani watan ɗari biyu, wani watan ɗari da hamsin. Sau ɗaya na ce a ƙara mata wani abu a kai, Ya Fanna ta harare ni, ta ce, "Kina so ta zo ta ƙirga ta mayar min?"

Ta naɗe kuɗin ta cusa a gwangwanin Rebeka. Lambar wayar da ta bar mana ta daina shiga tun watan da ta tafi. Gwangwanin ya cika a shekara ta uku, Ya Fanna ta samo babba.