Ƙafafun Iya Mairama

A Gazara, in ka ce Iya Mairama mai ganye, ko ɗan yaye zai nuna maka gidan. Tun tana da ƙarfinta take kai zogale da rama da busasshiyar kuɓewa kasuwar Makarfi, ta dawo da yamma ƙafa duk kaushi. Da waɗannan ƙafafu ta raini 'ya'yanta da na ƙannenta, kuma duk a kansu suka koyi fita bayan gida. Haka ake yi a da. Uwa ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ɗan ware su, ta ɗora yaro a wajen idon sawu yana fuskantarta, ta riƙe hannuwansa tana masa wasa har ya yi abin da ya kawo shi. A kwashe da toka, shi ke nan.

Yanzu gwiwa ta ƙi. Kasuwa ta gagara, sallah ma a kan kujera take yi. Abin da ya rage mata na daɗin duniya shi ne jikanta Uwaisu, ɗan autanta Yahuza ne ya haife shi, bai cika shekara uku ba. Mijinta take ce masa, shi kuma ya riƙa kwashe mata goro yana gudu.

To, sai mijin nan ya daina gudu. Abinci ya ci loma biyu ya ture. Can sai ta hango shi a bayan rumbu, ya tsaya a kan yatsun ƙafa, ya harɗe cinyoyi, fuska ta yi jawur. Wandonsa kuma kullum da ɗan ɓaci.

Uwarsa Naja'atu yarinyar kirki ce, amma Uwaisu ɗanta na fari ne, ga kunyar suruka. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta nuna damuwa a gaban Iya. Sai da Iya ta kira ta ɗaki ta tsare ta.

"Ke Naja'atu, kunya ba ta maganin ciwo. Me ke damun mijina?"

Naja'atu ta sunkuyar da kai. "Iya, ni ma na rasa gane kan yaron nan. Na ɗauka zawo ne, tunda kullum wando a ɓace. Amma in na ɗora shi a fo sai ya sandare yana kuka. Na yi faɗan, har na ɗan taɓa shi, ya ƙi."

"Rabonsa da yin na kirki fa?"

"An kwana biyu. Wancan ma kamar na akuya, da ƙyar ya fito."

Ran Iya ya ɓaci, ba don surukar ba, don yaron. Ta taɓa ganin irin wannan. Yaro ya yi mai tauri sau ɗaya ya ji zafi, sai ya riƙa riƙewa don tsoro, riƙewar kuma ta ƙara busar da shi. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce a tura masa sabulu. Iya ta ce wanda ke tsoron wuri ba a ƙara masa zafi a wurin. Washegari ta sa Yahuza ya ɗauki uwa da ɗa a babur zuwa asibitin sha-ka-tafi.

Ma'aikaciyar lafiya ta taɓa cikin, ta tambaya ko yana amai, ko cikin ya kumbura, ko ana ganin jini. Babu. Ta ce ba zawo ba ne, mai taurin ne ya toshe hanya, mai ruwan yake zagayowa ta gefe, yaron bai ma san ya fito ba. Ta ba su maganin da zai tausasa shi, ta ce kada a daina don an ga sauƙin rana ɗaya. Sauran aikin, in ji ta, na gida ne: ganye da 'ya'yan itace, ruwa a kai a kai, da zama bayan cin abinci ba tare da tsawa ba.

Nan Iya ta shiga madafa da sandarta. Abincin Uwaisu shayi da burodi ne da safe, taliyar leda da rana, biskit a tsakani. Koko ma an tace shi fes. Ta dubi dusar da aka zuba wa awaki ta yi tsaki.

"Ikon Allah. Ku tace abinci ku ba akuya maganin, ku ba mijina sauran. Shi ya sa akuyar gidan nan ba ta taɓa kuka a bayan rumbu ba."

Naja'atu ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Aka koma faten tsaki da rama da zogale, da wake mai laushi, da dankali. Yahuza in zai dawo gona ya riƙo gwanda ko lemu. Ba rana ɗaya aka sauya komai ba, don mijin na da taurin kai, sai da lallashi. Iya ta ba shi ɗan kofinta na silba, ta ce nasa ne, duk sanda ta sha ruwa shi ma ya sha.

Saura tsoro. Da Uwaisu ya ga fo sai ya ƙanƙame zanin uwarsa. Wata safiya bayan ya sha kunu, Iya ta ce a share mata gindin bishiyar darbejiya.

"Iya, gwiwarki fa," in ji Yahuza.

"Kai ma a nan ka yi naka, ban ji ka tambayi gwiwata ba. Kama ni."

Da ƙyar ta kai ƙasa, tana salati. Ta miƙe ƙafafun, ta ce, "Zo maigida, hau doki." Ya hau. Ta riƙe hannuwansa tana jijjiga shi tana masa labarin kasuwa. Bai yi komai ba. Bayan ɗan lokaci ta sauke shi ta ce madalla da mijin da ya iya zama. Haka gobe, haka jibi, kullum bayan kunun safe da bayan tuwo. Magani da fate sun fara aiki, amma yakan yi ne a tsaye a wando, yana kuka tun kafin ya ji zafin. Ba wanda ya tsawata masa. Tashin Iya daga ƙasa kuwa sai mutum biyu, ta wuni tana shafa man zafi.

Ranar da abin ya faru, tana cikin labarin wani jaki da ya cinye mata rama, sai ta ga yaron ya yi shiru, ya ƙura mata ido, jikinsa ya fara sandarewa. Ta ce, "Hura mini wuta, maigida, fuu." Ya hura, ya sake hurawa. Cikinsa ya saki. Ya tsaya yana jiran zafin, zafi bai zo ba. Ya leƙa ƙasa, ya ɗago.

"Iya, babu ciwo."

Naja'atu na tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu. Ta manta da suruka, ta manta da kunya, ta ce, "Uwaisu!" Karo na farko ke nan da Iya ta ji sunan a bakinta. Ta yi kamar ba ta ji ba, ta goge ido da bakin mayafi.

Kafin a fara yankan rake Uwaisu ya koma fo da kansa, har yana korar mutane wai shi babba ne. Iya ta yi murna, amma ta yi kewar nauyin nan a ƙafarta, ta kuma san ba za ta ƙara kaiwa ƙasa ba.

Bana Zubaida, ƙanwar Uwaisu, ta isa zama. Da safe Iya na kan kujerarta, sai ta ga Naja'atu ta share gindin darbejiya, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta waiwayo.

"Iya, haka ne, ko in ƙara warewa?"

"Ƙara kaɗan," in ji Iya. "Ki riƙe hannuwanta da kyau."