Igiya Biyu da San Huɗa

Shekarar da ambaliya ta cinye mana shinkafa, shanun huɗa biyu ne kawai suka rage mana. Da ruwa ya fara janyewa, babban ya kutsa cikin kacala, dogon hakin nan na fadama, neman ciyawa, laka ta riƙe shi har ƙirji.

Ni da yayana muka zo da igiyoyin da ke gida: ta rama, wadda Baba ya tufka da hannunsa, da shuɗiya ta leda da muke ɗaure kayan amalanke da ita. Baba ya murɗa ta ramar ya leƙa cikinta, ta yi baƙi. "Damina ta ruɓar da ita," in ji shi.

"To ga ta leda, Baba," na ce. "Ruwa ba ya cin ta."

Ya murza ta, gari ya zubo masa a tafin hannu. "Wannan kuma rana ta cinye ta. Ko jaki ba za ta ja ba."

Duk da haka muka ruɓanya su, muka zagaya ƙirjin san ta bayan ƙafafun gaba. Maƙwabta suka kama. Ja na farko ta ledar ta tsinke, ta ramar ta bi ta.

Yayana ya hau babur zuwa kasuwar Haɗejia neman sabuwa mai kauri, amma ruwa ya yanke hanya, sai da ya yi zagaye. Kafin ya dawo san ya gaji, ya fara sa hanci cikin laka. Baba ya ce a kawo wuƙa kada ya mutu mushe.

Sa ɗaya ba ya jan garma. Da damina ta zagayo, yayana ya tafi Kano, mu kuma muka koma fartanya.