Tumbin Kawu da Ƙofar Bungudu

Kawuna magini ne, kuma a Bungudu ba wanda ya taɓa kama shi da karkataccen bango. Abu biyu aka san shi da su: igiyar awo mai ƙarfe a baki wadda ba ta barin aljihunsa, da tumbin da ke riga shi shiga ɗaki.

A lokacin ina karatu a Gusau, shekaru kaɗan bayan an ba mu jiha, gini na tashi ta ko'ina. In na taso daga aji nakan wuce wani shagon hoto, inda ni kaɗai nake zama gaban kwamfuta. Mai shagon, wanda nake kira Maigida, abokin Kawu ne tun suna yara. Ya ɗauke ni ne don ya ga ina karanta takardar da ke zuwa da kaya kafin in taɓa su, ga shi ba ni da surutu. Aikina shi ne in ɗora tsohon hoto a sikana, in goge tsaga da tabon ruwa, in fitar da sabo.

Sai muka samu sabuwar manhajar gyaran hoto, a ciki akwai wani abu da ake kira likwifai. In ka buɗe shi, hoton yakan zama kamar danƙo mai taushi: ka ɗora da'irar burushi a gefen mutum ka tura, jikinsa ya bi hannunka. Maigida ya kwana biyu yana sa ni ina kumbura hancin abokansa yana dariya har da tari.

Ran nan Kawu ya shigo da ambulan. Wani Alhaji a Tsafe zai gina jerin shaguna a bakin titi, ya ce kowane magini ya aiko da hoton aikinsa kafin ya kira wanda zai kira. Kawu ya ɗauki nasa a gaban wani gida da ya gama a Bungudu, bulo tsirara ba a yi shafe ba, ya tsaya a ɗan karkace kusa da ƙofa. Ginin ya fito tsaf. Shi kuwa ya saki kafaɗar dama, ya turo ciki gaba har ya kusa taɓa bakin ƙofar.

“An ce Alhajin ya ce ba ya son magini mai nauyin jiki,” in ji Kawu. “Wai ba su hawa sama, sai su tsaya ƙasa suna nuni da yatsa.”

“To ai bai yi ƙarya ba,” in ji Maigida. “Yaushe rabonka da tsani?”

“Jiya.”

“Tsanin yana raye?”

Kawu bai kula shi ba. Ya juyo gare ni. “Ɗan boko, an ce injinka yana rage mutum.”

Na ce yana ɗan ragewa. Na shigar da hoton, na ajiye na asali a gefe kamar yadda na saba, na buɗe likwifai. Kwamfutar ta yi ta gurnani kafin hoton ya bayyana. Manya biyu suka tsaya a bayana, ɗaya a kowace kafaɗa. Na tura tumbin ciki kaɗan.

“Ƙara,” in ji Kawu.

“Ƙara sosai,” in ji Maigida. “Mai da shi ango.”

Na ƙara. A turawa ta uku na ga bakin ƙofar ya biyo tumbin, ya lanƙwaso kamar baka. Haka abin yake: burushin bai san inda mutum ya ƙare bango ya fara ba, duk abin da ke cikin da'irarsa yake ja. Na gani sarai. Na buɗe baki, sai Kawu ya dafa kaina ya ce, “Allah shi yi maka albarka, rabona da ganin kaina haka tun kafin a haife ka.” Na mayar da bakina na rufe. Muka fitar da hoton, ya tafi da shi yana murmushi.

Kwana biyu sai ga shi, babu murmushin. Ya ajiye hoton a tebur.

“Na nuna wa abokan sana'a a majalisa,” ya ce. “Sun ce cikin bai tafi ko'ina ba, ya fita daga jikina ya shiga ƙofa. Yanzu har leburori suna tambayata wata nawa ƙofar ke da shi.”

Maigida ya riƙe ciki don dariya ya zauna. Da ya samu numfashi ya ce gilashin kwamfutar ne mai doro, shi ya sa.

“Wagga takarda ce, ba gilashi ba,” in ji Kawu. Ya zaro igiyar awo, ya sa na riƙe hoton a jikin bango, ya saki ƙarfen. Igiyar ta sauka miƙe, bakin ƙofar ya kauce mata a tsakiya ya dawo a ƙasa. “Shekara talatin ban yi wannan ba. Jibi ƙanen Alhaji zai karɓi hotuna. In ya ga wagga ƙofa, ko kejin kaji ba zai ba ni ba.” Ya dube ni. “Kai ba ka gani ba?”

Na ce na gani.

“Mi ya hana ka magana?”

Na dubi takalmina. Ya ce, “Uwarka ma haka take. Sai tuwo ya ƙone ta ce dama ta ji ƙauri.”

Na ce a aika na asalin kawai. Kawu ya ce a'a, shi yana son ginin a miƙe, kuma yana son a kira shi. Na roƙi abu ɗaya, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji: kowa ya zauna a benci. Maigida ya ce yau ga yaro ya kori mutum daga shagonsa, amma ya zauna.

Na koma kan na asali. Na fara jan layin awo a kan allo, siriri, daidai bakin ƙofar, na ja wasu a kan sahun bulo. Kawu ya leƙo daga benci ya ce ashe injin ma yana da igiya, to me ya hana a yi amfani da ita tun farko.

A cikin likwifai akwai wani burushi na daskarewa. Duk inda ka shafa shi yakan yi ja, kuma turi ba ya motsa wurin. Na shafe ƙofar da shi, na tura tumbin. Bakin ƙofar ya tsaya cak. Na ji daɗi, na kira Kawu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa farce a ɗan tsakanin cikinsa da ƙofar.

“Wanga bulo wa ya buga shi?”

Ya yi gaskiya. Gurbin da tumbin ya bari dole wani abu ya cika shi, sai bulon da ke wurin ya miƙe kamar roba ya fi 'yan'uwansa tsawo, gaɓar siminti da ke tsaye ta goce daga inda take. Layukan kwance ba su lanƙwashe ba, tunda a kan tsawonsu na yi turin, amma magini gaɓa yake kallo.

Sai na bi doguwar hanya. Na zagaye Kawu da kyau tun daga hula har takalmi, na kwafe shi shi kaɗai na ɗora a wani shafi na sama, kamar an yanke shi da almakashi an aza a kan gilashi. A shafin ƙasa na kwafo bulo daga sahu ɗaya, na rufe gefen tumbinsa na da, ina daidaita gaɓa da gaɓa. Nan Kawu ya manta da benci. Ya tsaya a kaina yana cewa, “Gaɓa ba ta hawa kan gaɓa. Matsa rabin bulo.” Na matsa. Ya ce da zan yarda in riƙe cokalin gini da an samu magini, sai dai ba zan iya kiran lebura ya kawo kwaɓi ba.

Da bangon ya cika, na buɗe likwifai a kan shafin da yake shi kaɗai. Yanzu babu bango a cikin da'irar. Na zaɓi babban burushi, na rage masa ƙarfi, don ƙarami yana barin gefen jiki da ƙulle-ƙulle. Na riƙa turawa kaɗan-kaɗan. Na ɗaga kafaɗar dama har ta kusa daidai da ta hagu, na duba aljihun rigarsa bai murɗe ba. Sannan na ɗauke hannu.

“Ƙara,” in ji Kawu.

Na ce, “Kawu, in an kira ka, da kanka za ka je.”

Maigida ya ce, “Ashe yana magana.”

Na ce na rage iya abin da azumi zai iya ragewa. Kawu ya yi ƙwafa, ya ce azumin wa, shi nasa bai taɓa rage komai ba. Muka fitar da hoton, ya sake sakin igiyarsa. Ta bi bakin ƙofar daga sama har ƙasa. Ya gwada ɗaya gefen, ya naɗe igiyar ya sa aljihu.

Bayan mako aka aiko ya je Tsafe. Ya ce sai na raka shi, wai ko za a tambayi wani abu game da hoton. Muka hau bas, ya biya kuɗin mutum ɗaya ya ci wurin ɗaya da rabi. Tun daga tasha yake riƙe numfashi, har muka iske Alhaji zaune a kan tabarma a filin da za a yi ginin, hotuna a gabansa. Dattijo ne siriri mai gilashi. Bayan gaisuwa ya ɗauki na Kawu, ya ɗora gefen ambulan a kan bakin ƙofar da ke hoton, ya rufe ido ɗaya.

“Malam, wanga aikinka ne?”

“Nawa ne, Alhaji.”

“Ya miƙe.” Ya dubi hoton, ya dubi Kawu. “Sai dai maginin ya ɗan ƙaru a hanya. Saki numfashinka, kada ka faɗi a filina.”

Kawu ya saki. Rigar ta koma inda ta saba.

Alhaji ya ce shi bango yake saya, amma yana da sharaɗi: sahun ƙarshe na sama Kawu ne zai aza da hannunsa. Kawu ya ce ya yarda, in dai shi zai zaɓi katakon tsanin.

A hanyar komawa ya saya mini rake, ya ce kada in gaya wa Maigida zancen numfashi. Ban gaya masa ba. Shi da kansa ya ba shi labarin washegari, ya ƙara da cewa Alhaji ya ce hoton bai nuna rabin kyansa ba.