Wasan dara da ya ƙi buɗewa a Dungu

Ni da ƙanwata muka ƙirƙiro wasan dara na waya a ɗakinmu na Matameye. A wayoyinmu lafiya lau yake tafiya, amma 'yan Dungu da Yauri suka yi ta kuka cewa da an buɗe shi sai ya mutu. Na tsara shi ya riƙa ajiye rahoton abin da ya kashe shi, ya turo mana idan an sake buɗewa. Sai dai rezo, wato sabis ɗin waya, a ƙauye ba ya riƙewa, rahoton yakan yanke a hanya.

Ranar kasuwa na tsare wani direban taksin Dungu da ke buga wasan.

"Malam, ara mini wayarka in kwashe rahoton."

"Ai na goge shi, Malam. Ya cinye mini wuri."

Rahoton ya tafi tare da wasan. Rahotannin da suka iso mana cikakku daga Damagaram suke, inda rezo ke da ƙarfi, kuma matsalar 'yan can daban ce. Muka gyara musu. Ta ƙauye har yau ban san mece ce ba. Ƙanwata ta haƙura da wasan, ta koma sana'arta ta ɗinki.